Jarina ya ragu da kashi ɗaya cikin biyar a Tadawul: in sayar ko in ƙara?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina da shagon jallabiya da abaya a Bab Makka cikin Jidda. Bara na fara sayen hannun jari a Tadawul, kasuwar hannun jari ta Saudiyya, da riyal 60,000: banki 20,000, kamfanin sinadaran man fetur 15,000, kamfanin sadarwa 10,000, sai wani ƙaramin kamfani da aka yi ta yabo a zaurenmu na WhatsApp 15,000. Kasuwa ta rikito, yanzu sun koma 17,600 da 12,300 da 9,100 da 9,000, jimla 48,000. Hayar shago riyal 18,000 tana jirana nan da wata huɗu. Wani abokina ya ce in ci bashin murabaha a wurin dillali, wato ya saya mini hannun jari in biya shi daga baya da riba a kai, in ƙara saye tunda kaya sun yi araha. In sayar duka in huta, ko in bi shawararsa?

Amsa: Alhaji, barkanmu dai. Duka biyun ban yarda da su ba, kuma abin da zan sa ka fara dubawa ba allon farashi ba ne, kuɗin hayar nan ne.

Zauna da littafin shago ka ƙiyasta abin da ciniki zai iya tara maka nan da wata huɗu, bayan cefanen gida da sarin kaya, kuma ka yi ƙiyasin da rowa, kada ka lissafa da cinikin Ramadan ko na lokacin alhazai in ba a cikin watannin nan zai faɗo ba. A ce shago zai kawo 10,000. Ke nan akwai giɓin 8,000. Wannan 8,000 ɗin ba jari ba ne, kuɗin mai shago ne da ke kwance a kasuwa bisa kuskure, kuma wata huɗu ba lokaci ba ne da wani zai iya ba ka tabbacin farashi zai farfaɗo a cikinsa. Ka fitar da shi a wannan makon ko na gaba, ko da a kan asara ne. Wanda ya jira har saura kwana uku a biya haya, duk farashin da ya tarar a ranar shi zai karɓa, ko yana so ko ba ya so. Ka tuna kuma cinikin Tadawul sai bayan kwana biyu na aiki yake kammala, kasuwar kuma Lahadi zuwa Alhamis take ci, saboda haka abin da ka sayar ranar Laraba kada ka sa rai da cire kuɗinsa kafin Lahadi.

In kuwa shago zai iya biyan hayar gaba ɗaya, kuma kana da ajiyar da za ta riƙe gida wata uku zuwa shida ba tare da ka taɓa hannun jarin ba, to babu abin da ya tilasta maka sayarwa, sai abin da binciken da zan faɗa maka ya nuna.

Yanzu dubi asarar taka da kyau, domin ba iri ɗaya ba ce. Banki ya sauka kashi 12 cikin 100, sadarwa kashi 9, sinadarai kashi 18. Ƙaramin kamfanin nan kuwa kashi 40 ya zubar. Cikin riyal 12,000 da ka rasa, 6,000 daga gare shi kaɗai suka fita, alhali rubu'in kuɗinka kawai ka sa masa. Buɗe manhajarka ka duba ma'aunin kasuwar gaba ɗaya, wanda ake kira TASI, ka ga nawa ya sauka daga ranar da ka saya zuwa yau. In ka tarar ya sauka kamar kashi 10 zuwa 13, to banki da sadarwa ruwan kasuwa ne kawai ya ja su, ba wani ciwo suke da shi na kansu ba. Sinadarai dama haka halinsu yake, suna bin farashin kayan da suke sayarwa a duniya da buƙatar masana'antun Sin, su hau da ƙarfi su sauka da ƙarfi. Amma kamfanin da ya ninka faɗuwar kasuwa sau uku, akwai abin da ke damunsa, ko kuma tun farko hura farashinsa aka yi.

Gane wannan ba ya buƙatar karatun akanta mai zurfi. Kowane kamfani da ke babbar kasuwa yana fitar da sakamakonsa duk wata uku, ana kuma sa shi a shafin Tadawul da Larabci, da yawa har da Turanci. Nemo sanarwa huɗu na baya. Ciniki yana ƙaruwa ko raguwa yake? Riba ake ci ko asara ake tafkawa? Yana raba wa masu hannun jari riba, ko ya daina? Sannan ka duba ko akwai alama mai launi a gefen sunansa. Tadawul tana sa wa kamfani alama idan asarar da ya tara ta kai kashi 20 cikin 100 na uwar kuɗinsa, launin ya sauya idan ta kai 35, ya sake sauyawa idan ta kai 50. Kamfanin da ke ɗauke da wannan alama sau da yawa ƙarshensa ya rage jarinsa don share asara, ko ya dawo wa masu hannun jari da ƙoƙon bara su ƙara kuɗi. In ka ga asara a jere da irin wannan alama, ga 8,000 ɗin hayarka nan a cikin 9,000 ɗinsa, ba sai ka taɓa sauran ukun ba.

Na san abin da zuciya za ta ce: bari ya koma 15,000 tukuna sai in sayar. Yi lissafin. Daga 9,000 zuwa 15,000 sai ya hau kusan kashi 67 cikin 100. Jarin naka gaba ɗaya ma, da ya sauka kashi 20, sai ya hau kashi 25 kafin ya koma 60,000, domin hawan daga kan 48,000 ake lissafa shi. Kasuwa ba ta san nawa ka saya ba. Kai ɗan kasuwa ne, ka san abayar da yayinta ya wuce ba ta tsada don kawai da tsada aka saro ta. Karya ta ake yi a sa kuɗin a kayan da ke tafiya. Tambayar da za ka yi wa kanka a kan kowane kamfani ita ce: da riyal 9,000 ne a hannuna yau, zan saye shi a wannan farashi? In amsar a'a ce, riƙe shi da saye duk ɗaya ne.

Wajen sayarwar, kada ka ba da oda ta kowane farashi aka samu, musamman a ƙaramin kamfani da masu saye ba su da yawa. Zaɓi wadda kai ne za ka rubuta farashin da ka yarda da shi, wadda manhajoji ke nunawa da Limit. Ka kuma bar rabin awar farko bayan buɗe kasuwa da ƙarfe 10 ya wuce, lokacin ne farashi ya fi tsalle. A babbar kasuwa hannun jari ba ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa a rana ɗaya, sai sababbin shiga. Wasu suna ɗaukar wannan kariya ce, amma ranar da kamfani ya faɗi har iyaka sai ka ga masu sayarwa sun yi layi babu mai saye ko ɗaya, washegari a sake. La'adar ba ta da yawa, wajen riyal ɗaya da rabi ne a kan kowace dubu, da ɗan haraji a kai, don haka ba ita za ta hana ka raba sayarwar gida biyu ba.

Sai maganar abokinka. Bashin murabaha na sayen hannun jari halaccinsa magana ce ta malamai, ni haɗarinsa zan nuna maka. A ce ka ajiye 48,000 ɗinka, dillali ya ƙara maka 48,000, ka riƙe kaya na 96,000. Kasuwa ta sake sauka kashi 20, kayan sun koma 76,800. Bashi bai ragu da ko halala ɗaya ba, 48,000 yana nan, ga ribar murabahar a kai. Abin da ya rage naka 28,800 ne, wato ka rasa kashi 40 a faɗuwar kashi 20. Mafi muni, a cikin yarjejeniyar akwai iyakar da in darajar kayan ta sauka ƙasa da ita, dillali zai nemi ka ƙaro kuɗi cikin ɗan lokaci, in ba ka kawo ba ya sayar da hannun jarinka da kansa ya cire haƙƙinsa. Mai kuɗin kansa yana iya jiran shekara uku. Mai bashi ba shi ke yanke ranar fita ba.

Kuma wa ya gaya wa abokin naka an kai ƙasa? Tarihin wannan kasuwar ya nuna fuska biyu. A Maris 2020, lokacin korona da rikicin farashin mai, TASI ya faɗi ƙasa da maki 6,000. Zuwa 2022 ya haura 13,000. Wanda ya firgita ya sayar da kamfanoni masu lafiya a wancan Maris ɗin ya yi cizon yatsa. Amma tambayi dattawan unguwa labarin Fabrairu 2006. Ma'aunin ya wuce maki 20,000, mutane sun ci bashin banki, wasu sun sayar da filaye da motoci sun zuba, kafin shekarar ta ƙare fiye da rabi ya tafi, kuma har yau ba a sake ganin wannan matsayi ba. Waɗanda suka ƙara saye da bashi bayan faɗuwar kashi 20 ta farko, suna cewa an yi araha, su suka fi jin jiki. Saboda haka in wani ya ce maka kasuwa kullum tana dawowa, tambaye shi yaushe, kuma wane kamfani.

Banki da sadarwa, in sakamakonsu ya nuna riba tana nan kuma suna ci gaba da rabawa, ka bar su. Sinadarai ma ka bar shi in za ka iya jure masa shekara biyu ko uku, amma kada ka ƙara masa. Bayan ka fitar da ƙaramin, abin da zai rage maka 39,000 ne a kamfani uku, kuma banki kaɗai ya kusa rabi. Wannan ya yi cunkoso. Gyaransa ba da gaggawa ba ne: bayan an biya haya, ajiyar gida ta cika, sai ka ware abin da ba zai taɓa shago ba, ko da riyal 1,000 ne a wata, ka riƙa sawa a rana ɗaya ta kowane wata a asusun zuba jari da ya haɗa kamfanoni masu yawa, ko wani kaso a sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, wanda ba ya tangal-tangal kamar hannun jari. Ka tabbatar kamfanin da ke kula da asusun yana da lasisin hukumar kasuwar jari ta Saudiyya, sunayensu suna shafin hukumar.

Zauren WhatsApp ɗin nan kuma, ka lura da shi a kwanakin nan. Bayan kowace faɗuwa sai masu cewa za su mayar maka da asararka cikin wata guda su yi yawa, wasu da kuɗin shiga zaure na musamman, wasu da manhajar cinikin kuɗin ƙasashen waje da ba ta da lasisi a ƙasar nan. Duk wanda ya nemi ka tura kuɗi asusun wani mutum, ko ka ba shi lambar sirrin da banki ya turo maka a waya, ka toshe shi. In ka samo sakamakon ƙaramin kamfanin na wata tara ko shekara, turo mini adadin ciniki da riba da bashin da ke kansa, mu duba tare kafin ka sa odar.