A yi wa kwamfutar tashar ruwa faci ko a bari?

Tambaya: Ina aiki a wata tashar tura ruwa kusa da Damagaram. Kwamfutar da muke kallon injinan turo ruwa a kanta Windows 7 ce, kuma an hana mu sabunta ta. Wannan ba ganganci ba ne?

Amsa: Ɗan'uwa, damuwarka tana kan hanya, don tun Janairun 2020 Microsoft ta daina fitar wa jama'a facin tsaro na Windows 7, wato gyaran da ke toshe kafofin da masu kutse ke bi. Amma wanda ya hana ku yana da hujja. Kwamfutar ofis in faci ya lalata ta, wasiƙa ce za ta makara. Taku kuwa da otomat take magana, wato PLC, akwatin da ke kunna inji ya kashe. Manhajar da ke haɗa su an gwada ta ne a kan wannan Windows ɗin, faci ɗaya yana iya sa ta ƙi tashi bayan an sake kunnawa. Ka ɗauka hakan ya faru a watan Afrilu, zafi ya kai digiri 42, layin jarkoki ya miƙe a Garin Malam da Birni, kai kuma allonka bai nuna maka ko shato ya cika.

Shi ya sa ba a fara faci a kan na'urar da ke bakin aiki. A kwafi faifanta gaba ɗaya, a gwada facin a wata kwamfutar, kamfanin da ya yi manhajar ya amince, sannan a zaɓi daren da mutum zai tsaya ya tuƙa injinan da hannu.

Kafin nan, abin da ya fi damuna shi ne wa ke iya kaiwa ga otomat ɗin. Da yawansu da Modbus suke magana, yaren da aka ƙirƙira a 1979, wanda ba ya tambayar kalmar sirri. Duk wanda ya isa ƙofa ta 502, wato mashigar Modbus a layin sadarwa, ya ba da umarni, za a bi. To a raba kwamfutar da intanet da layin ofis, a sa katangar tsaro da ba ta barin kowa ta wannan ƙofar sai adireshinta. Kada kowa ya soka mata waya don caji. In otomat ɗinku mai makulli ne, a bar makullin a RUN, wato matsayin aiki, ba PROGRAM na canza shiri ba, a zare shi. A harin Triton na 2017, a wata masana'antar sinadaran mai ta Saudiyya, makullin na'urar kariya a PROGRAM aka bar shi, ta nan aka cusa mata mugun shiri.

Sai gwajin da nake roƙonka ku yi, da izinin shugabanka. Ƙwallon nan da ke yawo a saman ruwan rijiya ko tanki, wanda ke tsai da inji in ruwa ya ja baya, ya kamata wayarsa ta tafi kai tsaye ga kontaktan injin, wato abin da ke haɗa masa wuta ya yanke, ba ta bi ta otomat kaɗai ba. Ku bi wayar da ido da zanen akwatin wuta. Sannan ku mai da injin kan tuƙin hannu, ku sauke ƙwallon. In ya tsaya nan take, madalla. In ya ci gaba da juyi, wata rana zai yi ta aiki babu ruwa har ya ƙone, kuma wannan wayar za ku fara gyarawa kafin maganar Windows.