Takardar shaidar karatu ba ita ce takardar ɗaukar aiki ba

Tambaya: "Sanarwar aiki a Gombe ta ce dole mai nema ya kasance da NCE. Ina da ita, amma ba su ɗauke ni ba. Ba saɓa alkawari suka yi ba?"

Ɗan'uwa, ba su saɓa ba. "Dole" tana nufin wanda ba shi da NCE ya fita daga lissafi. Ba ta ce duk mai ita ya samu ba. Alwala sharaɗin salla ce, amma mai alwala bai yi salla ba tukuna.

Koma ka duba lafazin. Da sun rubuta "duk mai NCE za a ɗauke shi", nan kana da ta cewa, domin takardar kaɗai ta wadatar. In kuwa gurbi 10 ne, masu NCE 200, sai jarrabawa ta tace.