Me ya haɗa hanyar fentos fosfet da jajayen ƙwayoyin jini?

Tambaya: "Salam 'yan uwa. Ɗaliba ce ni a KASU, Jami'ar Jihar Kaduna. Na haddace matakai biyun hanyar fentos fosfet, amma na kasa gane me ya sa aka ce jajayen ƙwayoyin jini ba sa rayuwa sai da ita."

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Na daɗe ina aikin gwajin jini a nan Kaduna, kuma shawarata ki sa ido a kan NADPH kawai, sinadarin da wannan hanyar sarrafa gulukos ke samarwa don kare ƙwaya daga lalacewa.

A kashi na farko, enzayim ɗin G6PD ne ke kama gulukos-6-fosfet, ya fitar da NADPH ɗaya. Can gaba a sake samun wani NADPH ɗin, kabon ɗaya ya fita a matsayin CO2, a bar sukari mai kabon 5. Wannan kashin ba ya komawa baya. Na biyun kuwa juye-juye ne: taransketoles, mai aiki da bitamin B1, da taransaldoles suna musayar gutsattsarin kabon, a samu riboz don haɗa DNA, ko a mayar da ragowar cikin gilaikolisis. Jan ƙwayar jinin da ta girma ba ta haɗa DNA, don haka ba riboz ne ya dame ta ba.

Abin da ya dame ta shi ne dakon iskar oksijin da take yi dare da rana, wanda ke haifar da H2O2 a cikinta. Sinadarin gulutatayon ne ke kashe wannan gubar, amma da ya yi aiki sau ɗaya sai an sake farfaɗo da shi, kuma NADPH ne ke yin hakan. Sauran ƙwayoyin jiki suna da wasu hanyoyin samunsa. Jan ƙwayar jini kuwa da wannan hanyar kaɗai ta dogara, ko mitokondiriya ba ta da shi, ba ta kuma iya ƙera sabon enzayim idan nata ya tsufa.

Na taɓa duba jinin wani yaro da aka kawo idonsa ya yi rawaya, fitsarinsa kamar ruwan shayi, 'yan kwanaki bayan ya tsotsi kafur ɗin da ake sa wa a akwatin kaya. Himogulobin ɗinsa ya lalace ya dunƙule, abin da littafinku ke kira Heinz, saifa kuma ta rinƙa cizge dunƙulen. A ƙarƙashin madubin duba ƙwayoyi sai ka ga ƙwayoyin kamar an gatsa gefensu. Firamakwin da dafson ma kan jawo haka, har da zazzaɓi mai tsanani. Ƙarancin G6PD ke nan, kuma maza ya fi kamawa, tunda ƙwayar gadon tana kan kuromozom X ne.

Abin mamakin, gwajin G6PD ɗinsa a ranar lafiya lau ya nuna. A nau'in da ya fi yawa a yankinmu, tsofaffin ƙwayoyin ne ke rasa enzayim ɗin, kuma su ne suka riga suka fashe, sababbin da ɓargo ya turo kuwa nasu bai lalace ba tukuna. Sai da aka maimaita bayan kamar wata 3 ƙarancin ya fito fili.