Ina saye da sayar da USDT a waya, yaya zan rubuta lissafin saboda haraji?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kayan waya a Kasuwar Barci, kuma kusan shekara biyu ke nan ina ɗan saye da sayar da USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, ta P2P, wato kai tsaye tsakanin mutum da mutum, wani lokaci in juya shi zuwa Bitcoin. Ban taɓa rubuta komai ba, sai alat na banki da hotunan allo da ke cikin wayata. Yanzu ana ta maganar haraji kan kirifto. Me ya kamata in riƙa rubutawa, kuma ta ina zan fara? Daga wani mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Haraji a kan riba yake, wato abin da ya rage bayan ka cire kuɗin da ka sayi kayan da shi. Matsalar ita ce alat na banki yana nuna kuɗin da ya shigo ne kawai. Idan naira 960,000 ta faɗo asusunka, babu abin da ke jikin alat ɗin da zai shaida cewa ka kashe kusan 900,000 kafin ka same ta. Kai ne za ka kawo wannan shaidar, kuma ita ce dalilin rubutun gaba ɗaya.

Dokar kuɗi ta 2023 ce ta fara saka kadarorin dijital cikin abin da ake biyan harajin riba a kansa, kashi 10 cikin 100. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, ta haɗa ribar mutum da sauran kuɗin shigarsa: naira 800,000 ta farko a shekara babu haraji a kanta, daga nan ake hawa mataki-mataki har zuwa kashi 25. Tunda kai mutum ne mazaunin Kaduna, ba kamfani ba, bayaninka na shekara wurin hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, zai je, kuma wa'adinsa 31 ga Maris. Ka lura da wannan sauyin doka, domin shi ya sa kwanan wata ke da muhimmanci: cinikin 2025 da na 2026 ba ƙa'ida ɗaya ke kansu ba.

Ka buɗe Google Sheets a wayarka, kowane ciniki layi ɗaya. A shafin saye: A kwanan wata, B sunan kuɗin, C manhajar da ka yi cinikin da lambar odar, D adadi, E farashin ɗaya a naira, F cajin da aka cire, a naira. A gidan G ka rubuta wannan, ka ja shi ƙasa:

```
=D2*E2+F2
```

Shafin sayarwa haka yake, sai dai a can cire cajin za ka yi. Gidan E shi ne wanda mutane suka fi sakaci da shi, alhali shi ne ya fi wuyar dawowa. Adadin USDT manhaja za ta tuna maka, amma nawa ne darajarsa a naira a wannan ranar, in ba ka rubuta ba sai ka yi ta lalube.

Bari mu yi misali da farashin da na ɗauka don lissafi kawai. A watan Fabrairu ka sayi USDT 500 a kan naira 1,480, ka biya 740,000. A watan Afrilu ka ƙara 300 a kan 1,540, ka biya 462,000. A watan Yuni ka sayar da 600 a kan 1,600, aka turo maka 960,000. To wanne ka sayar, na Fabrairu ko na Afrilu? A cikin walat sun cakuɗe kamar hatsi a buhu ɗaya. Hanyar da nake bi ita ce wanda ya fara shiga shi ke fara fita. Saboda haka 500 na Fabrairu sun tafi duka a kan 740,000, sai 100 daga na Afrilu a kan 154,000. Jarinka 894,000 ke nan, ribarka 66,000. Da matsakaicin farashi ka yi amfani, wato 1,202,000 a raba gida 800, kowane ɗaya zai kama 1,502.5, riba ta zama 58,500. Ka ga hanyoyin biyu ba su ba da amsa ɗaya ba. Ka nuna wa akantan da zai cike maka takarda hanyar da ka zaɓa, ka rubuta ta a saman shafin, kuma kada ka riƙa sauyawa duk lokacin da ɗayar ta fi maka sauƙi. Lissafin da ke sauya hanya tsakiyar shekara ba ya tsayawa idan aka bincika shi.

Wani zai ce ai USDT ba ya hawa ba ya sauka, ina riba? A dala ne ba ya motsi. A naira yana motsi, kuma 66,000 ɗin nan daga motsin canji ta fito.

Saura USDT 200 a hannunka, jarinsu 308,000. Ka ce kana juyawa zuwa Bitcoin, kuma a nan ne na fi ganin lissafi yana lalacewa, domin banki bai ga komai ba, mutum sai ya ɗauka ba a yi ciniki ba. An yi. Ka rabu da kadara ɗaya ka karɓi wata. Idan a ranar USDT yana 1,580, ka ba da abin da ya kai 316,000, ribar 8,000 ta fito, kuma jarin Bitcoin ɗinka ya zama 316,000. Layi biyu za ka rubuta, ɗaya a shafin sayarwa, ɗaya a shafin saye. In ka tsallake su, ranar da ka sayar da Bitcoin ɗin ba ka da abin da za ka cire a matsayin jari.

Akasin wannan shi ne tura kuɗi daga manhajar ciniki zuwa walat ɗinka na kanka. Wannan ba sayarwa ba ce, daga aljihun dama ne zuwa na hagu. Amma ka rubuta shi a shafi na uku tare da TxID, wato lambar shaidar turawar, da cajin hanya, domin wanda ya ga USDT ya fita bai san adireshin naka ba ne. Idan ta hanyar turawa ta TRC20 ka tura, kana saka TxID ɗin a shafin intanet na Tronscan za ka ga rana, adadi da adireshin da ya karɓa. Asara ma ka rubuta ta yadda kake rubuta riba.

Na shekara biyun da suka wuce kuwa, ka fara daga manhajar. Ka nemi Order History ko Transaction History, ka sauke shi a CSV; sau da yawa maɓallin Export ya fi fitowa a burauza ta kwamfuta. Tarihin P2P daban yake da na Spot, inda ake juya wani kirifto zuwa wani, ka sauke kowanne. Sannan ka karɓi sitatimen na banki na wannan lokacin ka riƙa haɗa kowace oda da alat ɗinta. Fayilolin nan galibi da agogon UTC suke, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, don haka odar da ta nuna 23:30 a ranar 31 ga Disamba, a Kaduna ta riga ta shiga sabuwar shekara. Kada ka jinkirta saukewa. A watan Maris na 2024 Binance ta daina hulɗa da naira, kuma kowace manhaja na iya rufe wani sashe ko ta taƙaita tsawon tarihin da take bayarwa. Hotunan allo kuma suna tafiya ne ranar da waya ta faɗa ruwa.

Yadda za ka gane lissafinka ya daidaita: ka tara duk USDT da ka saya, ka cire wanda ka sayar, wanda ka juya da wanda caji ya ci. Abin da ya rage dole ya zo daidai da abin da ke cikin manhaja da walat a haɗe. Idan bambancin ɗaya ne ko biyu, yawanci cajin turawa ne ka manta. Idan ɗari ne ko fiye, akwai odar da ba ta shiga ba, ko wani ya biya ka kuɗin kaya da USDT ba ka rubuta ba.

Daga yanzu ka ware asusun banki ɗaya na kirifto kaɗai, kada ya haɗu da cinikin caja da murfin waya na shago. Ƙarshen kowane wata ka sauke CSV da sitatimen, ka sa su a folda mai sunan watan a Google Drive, da kwafi a filashi, ka adana su aƙalla shekara 6. Kalmomin sirrin nan 12 na walat ɗinka dai kada su shiga wannan folda, kuma babu akanta ko jami'in haraji da aikinsa ke buƙatar su.