An sauke ku a masaukin da ba shi kuka biya ba: me za ku nema a wasiƙarku?

Alhaji, na karanta daftarin wasiƙar da tawagarku ke son aika wa kamfanin da ya kai ku Umara. Kun ce kun biya kuɗin otal na kusa da Harami, mutum huɗu a ɗaki, sai aka kai ku unguwar Aziziyya da ke nesa da Harami aka cusa ku shida-shida har kwana 10. In haka ne, ga alama an saɓa yarjejeniya. Amma kuna neman a maido muku da kuɗinku gaba ɗaya, kuma a nan ne nake jin tsoron za ku raunana maganarku.

An yi muku biza, kun hau jirgi, kun yi ibadarku, kun kuma kwana a masaukin duk da ba ku so. Da wuya kotu ta ɗauka kamar ba a yi muku komai ba. Abin da aka fi bayarwa shi ne bambancin da ke tsakanin abin da kuka biya da abin da kuka samu. A ce kason kowane mutum a otal ɗin da aka yi alkawari riyal 200 ne a dare, na Aziziyya kuwa 120. Bambancin riyal 80 ne, a kwana 10 ya zama 800 ga kowa. Sai a ɗora kuɗin motar zuwa Harami, gwargwadon shaidar da kuke da ita. Wahalar da tsofaffinku suka sha gaskiya ce, ku ambace ta, sai dai abin da za a bayar a kanta ba shi da tabbas.

Kafin komai, ku duba takardar da kuka sa wa hannu. Kamfanoni da yawa kan rubuta sunan otal, su ƙara da "ko makamancinsa". Wannan na iya ba su damar sauyawa, amma ban ga yadda masaukin da sai an shiga mota zai zama makamancin wanda ake takawa da ƙafa ba. Cewa dillalinsu na Makka ne ya ci amanarsu ba damuwarku ba ce, domin su kuka ba kuɗi.

Ku cire barazanar kai su wajen 'yan sanda, ku cire kalmar "damfara". Saɓa yarjejeniya ba laifin ɗauri ba ne sai in akwai shaidar cewa tun farko sun ƙudurta yaudara, kuma yaɗa zargin na iya jawo muku ƙarar ɓata suna.

Kowa ya sa hannu, ko ya wakilta ku a rubuce. Ku haɗa rasit, tallar kamfanin, saƙonnin WhatsApp da hotunan ɗakunan, ku ba su mako biyu. In sun yi shiru, ku kai koke Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, wadda ke ba su lasisi. Ina ganin zaman sulhu a can zai fi kotu saurin fito muku da kuɗi, kuma in suka yi tayin da ya kusanci lissafinku, ku duba shi da kyau kafin ku ƙi.