Takardar si-bi ta ƙi tsayawa a shafi ɗaya

Tambaya: Malam, na rubuta si-bi ɗina na neman aiki a Word, amma layi shida sun gangara shafi na biyu. Na rage haruffa zuwa 9, sai ta koma kamar takardar magani. Yaya zan yi?

Amsa: Ka mayar da haruffan 11, ko 10.5 in ta matsa. Mai ɗaukar aiki da tulin takardu a gabansa ba zai matse ido saboda kai ba. Filin da kake nema yana nan cikin shafin, a tsakanin sakin layi ya ɓuya.

Word na zamani, duk lokacin da ka danna Enter, yana barin tazarar 8 pt a ƙasa ba tare da ka sa shi ba. A ce sakin layi 20 gare ka. Ka danna Ctrl+A, ka buɗe Paragraph, ka mayar da After zuwa 3 pt, Line spacing kuma Single. Biyar sau ashirin, ka ƙwato 100 pt ke nan, kusan layi bakwai. Sau da yawa a nan aikin yake ƙarewa. Sai dai shafin zai cunkushe, don haka ka koma kan manyan kanu, irin su Ilimi da Ƙwarewar Aiki, ka ba kowanne Before na 10 pt, ido ya ga inda sashe ya fara. Kada ka raba sassa da Enter biyu, cin fili ne kawai.

In har yanzu da saura, ka shiga Layout, ka tabbatar Size yana kan A4, domin Letter ta fi ta gajarta. Sannan a Margins ka rage 2.54 cm zuwa 1.9 cm ta kowane gefe. Ni ba na son Narrow, rubutu yakan yi kamar zai faɗo daga takardar.

Akwai kuma abin da na fi yawan gani: tura shekaru zuwa gefen dama da maɓallin tazara. A kwamfutarka za su yi daidai, a ta wani su karye su sauko layi na gaba. Ka zaɓi layukan, ka shiga Paragraph, sai Tabs, ka rubuta 17.2 cm, ka zaɓi Right, ka danna Set. Wannan adadin shi ne faɗin A4, wato 21 cm, bayan an cire gefe biyu na 1.9. Daga nan Tab ɗaya ya isa ya kai shekarar ƙarshen layi.

In shafi na biyu ya fito fanko, Ctrl+Shift+8 zai nuna maka alamomin ¶ da suka rage a ƙasa, sai ka goge su. Ka adana ta a PDF, ka buɗe a wayarka ka ga 1/1 kafin ka aika.