Riyal 2,000 a Jidda ko naira 150,000 da fansho a Kano?

"Yaya, ina wuni. Shekarata 25, na gama karatun lantarki. Wani kamfani a nan Kano ya ɗauke ni a kan naira 150,000, har da fansho. Sai ga wani ejan ya ce akwai aiki a Jidda, riyal 2,000 a wata, da wurin kwana, amma sai na biya shi kuɗin biza. Baba ya ce in riƙe mai fansho, abokaina suna cewa wane irin fansho ina ɗan yaro. Kai da kake can, me ka gani?"

Lafiya lau, ƙanena. Ka gaida Baba, ka ce masa maganarsa tana kan hanya, ko da yake ba ita ce ƙarshen zancen ba.

Abin da ejan ba zai gaya maka ba shi ne, baƙo ba shi da fansho a Saudiyya. Hukumar inshorar ma'aikata ta nan, GOSI, tana yi wa baƙo rajista, amma a ɓangaren haɗarin aiki kawai: kamfani ya biya kashi 2 cikin 100 na albashi, domin idan ka ji rauni a bakin aiki a yi maka magani da diyya. Fanshon tsufa na 'yan ƙasa ne. Igamarka kuma, wato takardar izinin zama, a jikin aikinka take, ranar da aiki ya ƙare ba ka sami wani ba, sai shirin gida, ko da a nan gemunka ya yi fari.

Abin da doka ta ba mu a madadinsa shi ne kuɗin sallama, wanda Larabawa ke kira mukafa'a. Aikina a ofishin albashi yake, kuma kusan kowane wata sai na lissafa wa wani nasa, don haka bari in yi maka naka. Sashe na 84 na dokar ƙwadago ya ce rabin albashin wata ɗaya a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan haka, ana lissafi da albashinka na ƙarshe. A riyal 2,000, shekara biyar na farko sun ba ka 5,000, biyar na biyu 10,000. Shekara goma cur, riyal 15,000 ke nan, wato dala 4,000, tunda an ɗaure riyal a kan 3.75 ga dala tun 1986. Ka raba 15,000 ɗin a kan wata 120, za ka ga riyal 125 ne a wata, kashi 6 da ɗoriya na albashinka. Kuma kuɗin ba a wani asusu suke suna hayayyafa ba. Alkawari ne a littafin kamfani, idan kamfanin ya durƙushe sai ka bi layin masu bin bashi.

Wannan ma idan kamfani ne ya sallame ka ko kwantiragi ya cika wa'adinsa. Idan kai ka ajiye aiki, sashe na 85 ne zai hau kanka. Ƙasa da shekara biyu ba ka da ko sisi. Daga biyu zuwa biyar sulusi za a ba ka, daga biyar zuwa goma sulusi biyu, sai ka cika goma ka karɓi duka. Wanda ya yi shekara huɗu ya gaji ya ajiye, maimakon 4,000 zai tashi da riyal 1,333. Na sha ganin samari sun fusata da shugaban aiki sun rubuta takardar ajiye aiki saura wata uku kwantiraginsu ya ƙare, alhali da sun daure sun sanar cewa ba za su sabunta ba, da cikakken haƙƙinsu za su tafi.

Yanzu juya ka dubi na Kano. Dokar fansho ta 2014 ta ce kai ka sa kashi 8, kamfani ya sa kashi 10, na albashin asali da kuɗin gida da na mota. Idan muka ɗauka duk 150,000 ɗin ne ake lissafi da su, naira 12,000 daga aljihunka, 15,000 daga kamfani, 27,000 kowane wata a asusun da ke ɗauke da sunanka, a hannun kamfanin fansho da kai ka zaɓa, ƙarƙashin kulawar hukumar fansho ta ƙasa, PenCom. Ko ka canza aiki, ko ka bar ƙasar, asusun naka ne. Idan kana gudun kuɗin ruwa, akwai rukunin Fund VI da aka ware don haka. Ba za ka taɓa kuɗin ba sai ka kai shekara 50 ko ka yi ritaya, sai dai in ka rasa aiki har wata huɗu a ba ka kashi 25. Samari wannan kullen suke ƙi, ni kuwa shi nake ganin ya fi komai amfani a cikin tsarin.

Amma kada ka ɗauka ina ce maka naira 27,000 ta fi Jidda. A lissafin naira 400 ga riyal, kusan yadda canji ya tsaya a 2025, riyal 2,000 naira 800,000 ne. Idan ka cire wa kanka kashi 18 ɗin nan, riyal 360, ka ajiye naira 144,000 ke nan a wata, fiye da ninki biyar na abin da zai shiga asusunka a Kano. A shekara goma riyal 43,200 ne ko ba su haifi komai ba, ga kuɗin sallama a kai. Kuma kuɗi ne masu bin dala. Wanda ya tara naira tun 2014, lokacin da dala ba ta kai naira 200 ba, ya san abin da ya same shi da ta haura 1,500 a 2024.

To ka ga a takarda Jidda ta yi nasara. Matsalar ita ce a nan babu mai cire maka riyal 360 ɗin. Albashi zai shigo duka, ba haraji a kansa, kuma kafin ya kwana wayarka ta fara ƙara: kuɗin makarantar ƙanne, maganin Gwaggo, gudummawar biki, ragon Sallah, aboki da ke son jari. Duk haƙƙi ne, kuma duk wanda ke gida ya ɗauka wanda ke ƙasa mai tsarki shebur yake sa wa kuɗi. Ka shiga unguwannin da mutanenmu suke a Jidda da Makka, za ka tarar da dattawan da suka yi ƙuruciyarsu kaf a nan, sun ciyar da dangi, sun aurar, sun kai iyaye Hajji, amma yau kuɗin jirgin komawa sai an yi musu karo-karo. Ba ragwaye ba ne, ba kuma mashashata ba. Babu dai wanda ya taɓa ware musu wani abu da hannu ba ya kaiwa.

Dalilin da ya sa nake matsa maka tun yanzu, ba sai ka kai 40 ba, lissafi ne. Dukiyar da ke ƙaruwa da kashi 6 a shekara tana ninkawa cikin kimanin shekara 12. Abin da ka ajiye kana 25 zai ninka sau uku kafin ka kai 61, ɗaya ya zama takwas. Wanda ka ajiye kana 37 huɗu kawai zai zama. Sannan shekarun nan su ne ba ka da iyali. Ranar da ka kawo mata nan, in ma sana'ar da ke kan igamarka ta ba ka dama, kowane mutum ɗaya da ke ƙarƙashinka riyal 400 ne a wata kuɗin gwamnati. Mata da ɗa ɗaya sun cinye 800 tun ba a yi maganar haya ba.

Saboda haka tambayar da za ka fara yi ba ta Kano ko Jidda ba ce, ta halinka ce, kuma kai kaɗai ka san amsarta. Lokacin bautar ƙasa, ka taɓa yin adashe ka kai ƙarshe ba ka ci bashi a kai ba? Ka taɓa ce wa wanda kake jin nauyi babu, alhali akwai? Idan amsar a'a ce, aikin da ke cire maka tun kafin ka gani ya fi maka, ko albashinsa bai kai ba.

Sai ka bincika wane irin aiki ne na Jiddan, don ba duka ne ɗaya ba. Lissafin da na yi maka na wanda ke da kwantiragi da kamfani ne, a rubuce a manhajar Qiwa, albashi ta banki. Idan bizar direban gida ce ko mai aikin gida, tsarinsu daban ne, albashin wata ɗaya ne bayan shekara huɗu a jere. Idan kuwa irin wadda ake kira biza hurra ce, kafili, wato wanda bizarka ke ƙarƙashin sunansa, ya sake ka ka nemi aiki kana biyansa, doka ba ta san ta ba, babu kuɗin sallama, kuma ranar da aka kama ka sai tarhil, wato a tasa ƙeyarka gida. Wanda ya shigo da bizar Umara ya ɓuya ma ba a magana, ko asusun banki ba zai iya buɗewa ba. Maganar kuɗin da ejan ke nema ita ma ta tsaya mini a rai, domin sashe na 40 ya ɗora kuɗin ɗauko ma'aikaci da na igama da tikitin komawa a kan mai ba da aiki. Ka ce ya nuna maka sunan kamfanin, da sana'ar da aka rubuta a bizar, da yadda aka raba albashin tsakanin na asali da alawus. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka. Wanda ya ci bashi ya zo, shekararsa ta farko ta masu bashi ce.

Da ni ne kai, zan karɓi aikin Kano in yi shekara biyu. Za ka buɗe asusun fansho, za ka sami takardar shaidar aiki, wadda ita ke sa a ɗauki mutum a nan a matsayin ƙwararren mai lantarki da albashi mai kauri maimakon lebura. Ka riƙa duba asusun, domin doka ta ba kamfani kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi ya zuba kuɗin, kuma akwai masu cirewa su ƙi zubawa. Idan wata biyu suka wuce ba ka ga saƙo ba, ka je ofishin kamfanin fanshon ka karɓi bayanin asusu. A cikin shekara biyun ka gwada ware naira 15,000 da kanka ranar albashi. In ka iya, ka shirya wa Jidda.

Idan ka zo, ranar da albashi ya shiga ka fitar da kason nan zuwa wani asusu dabam kafin ka ɗaga wayar kowa, kuma ka yanka wa gida adadi ɗaya sananne a wata. Kada ka bari su taru da yawa a nan, don banki yana kulle asusu bayan igama ta ƙare. Lokaci-lokaci ka mayar da su wani abu da sunanka ke kai: asusun dala a gida, sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya da aka fara sayarwa a 2017, ko fili mai takarda da ka gani da idonka lokacin hutu. Gini ta hannun ɗan'uwa kuwa, ka bar shi sai ka dawo. Ka turo mini hoton takardar ejan ɗin in karanta maka Larabcin kafin ka ba shi ko sisi.